Karanta Sakamakon Tantancewa a Kanun Saƙon Imel: Abin da Yake Tabbatarwa da Inda Ikonsa Ya Tsaya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan layin nan mai suna `Authentication-Results`, wanda na'urar karɓar wasiƙu take rubutawa a kanun saƙon imel bayan ta gwada asalin saƙon. Maƙalar ta fayyace gwaje-gwaje uku da layin yake ɗauke da sakamakonsu, wato SPF da DKIM da DMARC, sannan ta feɗe saƙo guda na misali daki-daki. An nuna cewa kalmar `pass` ita kaɗai ba hujja ba ce a kan gaskiyar mai aiko saƙo, sai an san wane suna ne ya ci gwajin, kuma an kwatanta shi da sunan da mai karatu yake gani a fili. Haka kuma an nuna cewa kalmar `fail` ba kullum take nufin damfara ba. Daga ƙarshe an kawo yanayi uku da saƙon ƙarya yake iya cin dukkan gwaje-gwajen.

1.0 Gabatarwa

Ƙa'idar da ake aika imel da ita, wadda ake kira SMTP, Jon Postel ne ya wallafa ta a shekarar 1982 cikin takarda mai lamba RFC 821. A wancan zamani masu amfani da hanyar kaɗan ne, galibinsu masu bincike a jami'o'i da cibiyoyi waɗanda suka amince da juna. Saboda haka ba a tanadi wata hanya ta tabbatar da sunan da mai aikawa ya rubuta ba. Har gobe duk wanda yake da na'urar aika wasiƙu yana iya rubuta sunan da ya ga dama a gurbin `From`, kamar yadda mai rubuta wasiƙar takarda yake iya sa sunan wani a ƙasanta.

Gyare-gyaren da aka yi daga baya ba su hana rubuta sunan ƙarya ba. Abin da suka yi shi ne ba wa na'urar da ta karɓi saƙo damar gwada shi, ta kuma rubuta abin da ta samu. An fara tsara layin da take rubuta sakamakon a shekarar 2009, kuma takardar da take bayaninsa a yanzu ita ce RFC 8601 ta shekarar 2019. Manhajojin karanta imel sukan ɓoye wannan layi, sai mai karatu ya nema. A Gmail ta kwamfuta ana samun sa ta hanyar zaɓen `Show original`, a Thunderbird kuma ta danna `Ctrl+U`.

A cikin wannan maƙala, sashen adireshin imel da yake bayan alamar `@` za a kira shi yanki. Duk sunayen yankuna da lambobin na'urori da ke cikin misalai an ɗauko su ne daga waɗanda aka keɓe don koyarwa, ba na wata hukuma ko wani mutum ba ne.

2.0 Ambulan da Takardar Ciki

Kafin a fahimci sakamakon tantancewa, wajibi ne a san cewa kowane saƙon imel yana ɗauke da adireshin mai aikawa guda biyu, kuma ba dole ba ne su zama iri ɗaya. Na farko shi ne wanda na'urar aikawa take faɗa wa na'urar karɓa a lokacin da suke musayar saƙon, ta hanyar umurnin `MAIL FROM`. Wannan tamkar adireshin da aka rubuta a bayan ambulan ne, inda gidan waya zai mayar da wasiƙa idan ba a sami mai ita ba. Bayan saƙo ya sauka, na'urar karɓa takan adana shi a layin `Return-Path`. Mai karatu ba ya ganin sa sai ya buɗe kanu.

Na biyu shi ne na gurbin `From`, wanda yake kamar sunan da aka rubuta a jikin takardar da ke cikin ambulan. Shi ne manhaja take nunawa, kuma da shi mutum yake yanke hukuncin wanda ya rubuto masa. Shi ma kashi biyu ne: akwai sunan da ake nunawa, kamar "Ofishin Rajista", akwai kuma adireshin kansa. Babu wani gwaji daga cikin ukun da yake duba sunan da ake nunawa, domin rubutu ne kawai da kowa yake iya tsarawa.

Bambancin waɗannan adireshi biyu ba laifi ba ne a karan kansa. Hukumomi da yawa suna ba wani kamfani kwangilar aika musu sanarwa, sai ambulan ya ɗauki yankin kamfanin, takardar ciki kuma ta ɗauki na hukumar. Amma kuma ta wannan giɓi ne ɗan damfara yake shigowa.

3.0 Wane ne Ya Rubuta Layin?

Saƙo yakan ratsa na'urori da dama kafin ya isa akwatin mai shi, kuma kowace na'ura tana ɗora nata layukan a saman waɗanda ta tarar. Ma'ana, layin da yake can sama shi ne sabo, na ƙasa kuma shi ne tsoho. Layukan ƙasa sun zo ne tare da saƙon daga waje, don haka mai aikawa yana iya ƙirƙirar su, ciki har da layin `Authentication-Results` na jabu mai cewa komai ya yi daidai.

Wannan ya sa matakin farko na karatu shi ne gano wanda ya rubuta layin. A bisa ƙa'ida, layin yana farawa da sunan na'urar da ta yi gwajin, kafin alamar `;` ta farko. Ga mai akwati a Gmail, sunan shi ne `mx.google.com`. Ƙa'idar ta umurci na'urar karɓa da ta goge duk wani layi da ya shigo daga waje yana ɗauke da sunanta, domin kada a yi mata sojan gona. Saboda haka layin da ya cancanci a dogara da shi shi ne wanda yake kusa da saman kanu, mai ɗauke da sunan kamfani ko hukumar da take riƙe da akwatin mai karatu. Idan an ga wani layin a ƙasa da sunan wata na'ura daban, to labari ne kawai na wanda ba a sani ba, ba shaida ba.

4.0 Gwaje-gwaje Uku

Dukkan gwaje-gwajen sun dogara ne a kan kundin DNS, wato kundin da duniya take neman bayanin kowane yanki a cikinsa. Mai yanki ne kaɗai yake da ikon rubuta bayani a ƙarƙashin sunan yankinsa, kowa kuma yana iya karantawa.

4.1 SPF: Izinin Na'urar Aikawa

Tambayar da SPF yake amsawa ita ce: shin na'urar da ta miƙo wannan saƙo tana cikin waɗanda mai yankin ambulan ya ba izini? Mai yanki yakan wallafa jerin lambobin na'urorinsa kamar haka:

```
jamia.example  TXT  "v=spf1 ip4:192.0.2.0/24 -all"
```

Wannan bayani yana cewa lambobi 256, daga `192.0.2.0` zuwa `192.0.2.255`, su ne masu izini, sannan `-all` yana nufin duk wata na'ura da ba ta cikinsu ba ta da izini. Idan lambar na'urar da ta miƙo saƙo tana cikin jerin, sakamako `pass` ne, idan ba ta ciki `fail` ne. Da mai yankin ya rubuta `~all`, da sakamakon ya zama `softfail`, wato yana zaton saƙon ba nasa ba ne amma bai yanke ba. Kalmar `none` tana nufin yankin bai wallafa komai ba. Ita kuwa `permerror` tana nuna kuskure a jikin bayanin, kuma sanadinta da aka fi gani shi ne wuce iyakar da RFC 7208 ta shekarar 2014 ta gindaya, cewa kada gwaji guda ya buƙaci tambayar kundin DNS fiye da sau 10.

Abin lura a nan shi ne SPF yana duba yankin ambulan ne kawai, wanda ake nunawa da `smtp.mailfrom`. Ba ruwansa da gurbin `From`.

4.2 DKIM: Hatimin Yanki

DKIM hatimi ne na lissafi da na'urar aikawa take buga wa saƙo. Mai yanki yana da mabuɗai biyu masu alaƙa da juna: na sirri da yake ɓoyewa, da na fili da yake wallafawa a kundin DNS. Na'urar aikawa takan haɗa jikin saƙo da wasu zaɓaɓɓun layukan kanu, ta yi lissafi a kansu da mabuɗin sirri, sannan ta saka sakamakon a layin `DKIM-Signature`. Na'urar karɓa kuma takan ɗauko mabuɗin fili ta maimaita lissafin. Idan ya dace, abu biyu sun tabbata: mai riƙe da mabuɗin sirrin yankin ne ya buga hatimin, kuma sassan da hatimin ya rufe ba su sauya ba a hanya.

A layin hatimi, `d=` yana nuna yankin da ya buga shi, `s=` yana nuna sunan mabuɗin da aka yi amfani da shi, `h=` kuma yana lissafa layukan kanu da aka rufe. A sakamakon tantancewa, yankin yakan fito a matsayin `header.d`, ko kuma `header.i` a wasu na'urori. Ƙa'idar RFC 6376 ta shekarar 2011 ta wajabta cewa `From` ya kasance cikin layukan da aka rufe, amma ba ta wajabta yankin hatimi ya zama daidai da yankin `From` ba. Kowa yana iya buga hatimin yankinsa a kan saƙon da ya rubuta sunan wani a kai, kuma hatimin ya inganta.

4.3 DMARC: Daidaituwar Sunaye

Tunda gwaje-gwaje biyun farko ba su ɗaure kansu da sunan da mutum yake gani ba, sai aka samar da DMARC, wanda aka wallafa a shekarar 2015 cikin RFC 7489. Shi yana farawa ne daga yankin `From`, sannan ya tambaya: shin akwai ɗaya daga cikin SPF ko DKIM da ya ci gwaji, kuma yankin da ya ci da shi ya daidaita da yankin `From`? Idan an sami ko da guda ɗaya, sakamako `pass` ne. Idan ba a samu ba, `fail` ne, ko da duka biyun sun ci a wasu yankuna.

Daidaituwa iri biyu ce. Mai sassauci, wadda ake bi idan mai yanki bai ce komai ba, tana karɓar ƙananan yankuna na gida ɗaya, don haka `sanarwa.jamia.example` ya daidaita da `jamia.example`. Mai tsanani kuma tana buƙatar sunayen su zama iri ɗaya harafi da harafi. Kasancewar yankuna biyu a ƙarƙashin kari ɗaya, kamar `edu.ng` ko `com.ng`, bai mayar da su gida ɗaya ba, domin sunan da yake gabanin karin shi ne yake raba mai gida da maƙwabcinsa.

Mai yanki yana kuma faɗin abin da yake so a yi da saƙon da ya faɗi. Idan ya rubuta `p=none`, to bai nemi a ɗauki mataki ba. Idan `p=quarantine` ne, a jefa saƙon cikin akwatin tarkace. Idan kuwa `p=reject` ne, a ƙi karɓar sa tun daga ƙofa. Daga watan Fabrairu na shekarar 2024, kamfanonin Google da Yahoo sun wajabta wa masu aika saƙonni da yawa wallafa bayanin DMARC, inda Google ya sa iyakar a saƙo 5,000 a rana, amma sun amince da `p=none` a matsayin mafi ƙarancin abin da ake buƙata. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ganin saƙo a akwati bai isa ya nuna cewa ya ci gwaji ba.

5.0 Feɗe Saƙo Guda

A ɗauka wani ɗalibi ya sami saƙo da sunan ofishin rajista na jami'arsa, mai yankin `jamia.example`, ana sanar da shi cewa an sauya asusun biyan kuɗin makaranta, kuma ya biya kafin ƙarshen mako. Da ya buɗe kanu sai ya tarar da waɗannan layuka, waɗanda aka taƙaita:

```
Return-Path: <aika@tallanmu.example>
Authentication-Results: mx.akwati.example;
  spf=pass (203.0.113.45) smtp.mailfrom=tallanmu.example;
  dkim=pass header.d=tallanmu.example header.s=k1;
  dmarc=fail (p=none) header.from=jamia.example
From: "Ofishin Rajista" <rajista@jamia.example>
Reply-To: <biya@tallanmu.example>
```

Mataki na farko shi ne duba mai rubuta layin. Sunan `mx.akwati.example` na kamfanin da yake riƙe da akwatin ɗalibin ne, kuma layin yana saman kanu, don haka abin dogaro ne.

Mataki na biyu shi ne fitar da yankin da ake da'awa. Shi ne `jamia.example`, kamar yadda `From` da `header.from` suka nuna. Da wannan suna za a auna sauran.

Mataki na uku shi ne karanta SPF tare da sunan da ke gefensa. An rubuta `pass`, amma yankin da ya ci shi ne `tallanmu.example`. Abin da aka tabbatar kawai shi ne mai wannan yanki ya ba na'ura mai lamba `203.0.113.45` izinin aikawa da sunansa. Idan aka koma ga jerin da jami'ar ta wallafa a sashe na 4.1, za a ga lambar ba ta cikinsa. Da mai aikawa ya rubuta yankin jami'ar a ambulan, da SPF ya ba shi `fail`. Don ya kauce wa hakan ne ya sa yankin da yake ƙarƙashin ikonsa a ambulan, ya bar sunan jami'ar a takardar ciki.

Mataki na huɗu shi ne DKIM, kuma labarin bai sauya ba. Hatimin ingantacce ne, amma na `tallanmu.example` ne. Ba jami'ar ce ta buga shi ba.

Mataki na biyar shi ne hukuncin DMARC. Gwaje-gwaje biyu sun ci, amma babu ɗaya da ya daidaita da `jamia.example`, shi ya sa aka rubuta `fail`. Abin da ya bar saƙon ya shigo shi ne `p=none`, wato jami'ar ba ta nemi a hana irinsa ba. Ana iya tabbatar da haka ta hanyar tambayar kundin kai tsaye:

```
nslookup -type=TXT _dmarc.jamia.example
```

Daga nan sai a auna abin da aka samu. Sakamakon bai ce kai tsaye saƙon na damfara ba ne. Abin da ya ce shi ne babu wata shaida da ta haɗa shi da jami'ar. Akwai yiwuwar ofishin ya ɗauki wani kamfani aikin tura sanarwa, kamfanin kuma bai saita hatimi da sunan jami'ar ba, wanda zai haifar da irin wannan sakamako sak. Hanyar rarrabewa ita ce a buɗe kanun wani tsohon saƙo da aka tabbatar daga ofishin ya fito. Idan shi yana nuna `header.d=jamia.example` da `dmarc=pass`, to sabon ya saɓa wa al'adar gidan. Ga kuma layin `Reply-To`, wanda yake karkatar da duk amsar da ɗalibin zai rubuta zuwa wani yanki daban. Idan aka haɗa rashin daidaituwa da karkatar da amsa da batun sabon asusu da gaggawa, hukunci ya fito: ba a biyan kuɗi a kan wannan saƙo.

6.0 Saƙon Gaskiya da Ya Faɗi

Akasin misalin da ya gabata shi ma yana faruwa. A ɗauka ɗalibin ya saita tsohon akwatinsa domin ya riƙa tura masa duk abin da ya shigo zuwa sabon akwati. Ofishin rajista ya aiko da saƙo na gaskiya zuwa tsohon akwatin, shi kuma ya wuce da shi ba tare da sauya adireshin ambulan ba. Sabon akwatin zai rubuta wani abu kamar haka:

```
Authentication-Results: mx.akwati.example;
  spf=fail (198.51.100.7) smtp.mailfrom=jamia.example;
  dkim=pass header.d=jamia.example;
  dmarc=pass header.from=jamia.example
```

SPF ya faɗi ne saboda na'urar da ta miƙa saƙon a zangon ƙarshe ta tsohon akwatin ce, kuma lambarta ba ta cikin jerin jami'ar. Wannan rauni ne da ke jikin SPF, tunda yana kallon na'urar ƙarshe ne kawai. Shi kuwa hatimin DKIM yana tafiya tare da saƙo duk inda ya je, don haka ya iso lafiya, kuma ya daidaita da `From`. Guda ɗayan nan ya wadatar wa DMARC. Mai karatun da ya tsaya a kalmar `fail` ta farko zai zargi saƙon gaskiya.

Hatimin ma yana iya karyewa ba tare da mugun nufi ba. Idan wata na'ura a tsakiyar hanya ta ƙara rubutu a ƙasan saƙo, ko ta saka wata kalma a layin `Subject` alhali hatimin ya rufe shi, lissafi ba zai dace ba, sai a rubuta `dkim=fail`. Sau da yawa ana ganin dalili a gefe, kamar `body hash did not verify`, wanda yake nufin jikin saƙon ne ya sauya. A irin wannan hali saƙon gaskiya yana iya faɗuwa a dukkan gwaje-gwaje uku. Don rage wannan matsala aka samar da tsarin ARC a shekarar 2019, inda na'urar tsakiya take adana sakamakon da ta gani kafin ta taɓa saƙon, a layin `ARC-Authentication-Results`, ta kuma buga masa nata hatimin. Sai dai darajar wannan shaida tana rataye ne a kan amincin na'urar da ta ba da ita. Ɗan damfara ma yana iya buga hatimin ARC da yankinsa.

7.0 Inda Ikon Tantancewa Ya Tsaya

Idan saƙo ya sami `dmarc=pass`, abin da aka tabbatar shi ne mai iko da yankin `From` ya ɗauki alhakinsa. Ba a tabbatar da cewa yankin shi ne wanda mai karatu yake zato ba, ko cewa mutumin da sunansa ya fito shi ya rubuta, ko cewa abin da ke ciki gaskiya ne. Yanayi uku suna nuna wannan iyaka.

Na farko shi ne yanki mai kama da wani. Ɗan damfara yana iya yin rajistar `jarnia.example`, inda haruffan `r` da `n` idan suka haɗu suke kama da `m` a ƙaramin rubutun waya. Tunda yankin nasa ne, zai wallafa SPF da DKIM da DMARC yadda ya kamata, kuma saƙonsa zai ci duka. Hausawa kan ce kama da wane ba ta wane. Maganin wannan shi ne karanta `header.from` harafi da harafi, a kwatanta da yankin da aka sani tun da farko. Idan sunan yanki ya fara da `xn--`, alama ce ta cewa yana ɗauke da haruffan da ba na boko na yau da kullum ba, waɗanda wasunsu suke kama da na boko a ido. Haka nan saƙon da ya fito daga akwatin kyauta na `gmail.com` zai ci gwaji a matsayin na `gmail.com`, ko da an rubuta sunan shugaban jami'a a sunan da ake nunawa.

Na biyu shi ne akwatin da aka sace. Idan wani ya mallaki kalmar sirrin ma'aikacin rajista, saƙon da zai aika zai fita ta na'urar jami'ar, da hatiminta na gaskiya. Babu abin da kanu za su nuna, domin gwaje-gwajen suna tantance yanki ne, ba hannun da ya yi rubutu ba.

Na uku shi ne sake aika saƙo mai hatimin gaskiya. Tunda hatimin DKIM bai rufe adireshin mai karɓa na ambulan ba, wanda ya sami saƙo mai hatimi yana iya tura shi ga wasu mutane ba tare da ya sauya komai ba, hatimin kuma ya ci gaba da inganta. A watan Afrilu na shekarar 2025 an bayyana wani hari irin wannan, inda masu damfara suka ƙirƙiri wata manhaja suka sa dogon rubutun yaudara a matsayin sunanta, har na'urar Google ta aiko musu da sanarwar tsaro mai ɗauke da rubutun, daga `no-reply@accounts.google.com`, da hatimin kamfanin. Sai suka riƙa tura wannan sanarwa ga jama'a. Alamar irin wannan saƙo ita ce yankin ambulan da layukan `Received` suna nuna wata hanya daban, gurbin `To` kuma ba ya ɗauke da adireshin wanda saƙon ya iske.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa karanta sakamakon tantancewa yana bin tsari guda. Ana farawa da tabbatar da cewa na'urar da take riƙe da akwatin mai karatu ce ta rubuta layin. Daga nan a fitar da yankin `header.from` a karanta shi harafi da harafi, sannan a duba `smtp.mailfrom` da `header.d` domin ganin ko ɗayansu ya ci gwaji da wannan yanki. Saƙon da ya sami `dmarc=fail` ba shi da shaidar da ta haɗa shi da sunan da yake ɗauke da shi, sai dai idan akwai turawa a tsakiyar hanya da za ta bayyana faɗuwar. Wanda ya sami `dmarc=pass` a kan yankin da aka sani ya tsallake tuhumar sunan jabu, amma bai tsallake ta akwatin sata ko ta sake aikawa ba. Saboda haka duk saƙon da ya nemi a tura kuɗi zuwa sabon asusu, ko a shigar da kalmar sirri, ana tabbatar da shi ne ta wata hanya da ba ta cikin saƙon, kamar lambar wayar da aka riga aka sani ko zuwa ofishin da ƙafa.